Ruwa mai tsarki da ruwan da ba ya cutarwa: nazari a kan takardar lafiya da aka fassara mana

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, da yawa daga cikinku kun karɓi takardar nan ta ajiye ruwan sha da aka raba a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a. Falle ɗaya ce, gabanta Larabci, bayanta Hausar boko, da zanen jarka da hannu da wata 'yar ƙwaya fara. Wata ƙungiyar agaji ce ta buga ta, kuma duk wanda ya tuna da cewa akwai Hausawa a Gadarif masu buƙatar a yi musu magana da harshensu ya cancanci godiya. Ba mu manta ba. Ranar 26 ga Satumba 2023 aka ayyana ɓarkewar kwalara a wannan jiha tamu, a watan Disamba na shekarar mutanen Wad Madani suka kwararo, tsakiyar 2024 na Sinja da kewayenta suka biyo baya, sannan a watan Agusta cutar ta sake dawowa. Gidan da randa ɗaya take shayar da mutum shida ya wayi gari tana shayar da ashirin. Takarda irin wannan kuwa, idan aka fahimce ta a karkace, mutum ne zai kwanta. Shi ya sa muka zauna muka karanta ta layi bayan layi, kamar yadda ɗalibi yake bin matani a gaban malaminsa.

Mu fara da abin da aka yi daidai, don shi ne adalci. Mai fassarar bai ɓoye sunan cutar ba. Waɗanda suka ga shekarun 2016 zuwa 2018 sun san yadda aka riƙa kewaye-kewaye a ƙasar nan, ana cewa “matsananciyar gudawa mai ruwa-ruwa” don kada a furta kwalara. Shi ya rubuta “kwalara, wato amai da gudawa”, ya haɗa sunan asibiti da sunan da tsohuwa ta sani. Sashen wanke hannu ma ya fito sarai, jimlolinsa gajeru, kowace da aikinta ɗaya. A nan an ga mutum ne da ya iya Hausa. Damuwarmu ita ce Hausar da ya iya ta gidan rediyo ce, ta mai karanta labarai, kuma bai zauna ya tambayi kansa abin da kalmominsa suke nufi a kunnen wanda iliminsa na allo ne da littattafan farko na fiƙihu ba.

Layin farko na takardar ya ce: “Ku riƙa shan ruwa mai tsarki, ku guji gurɓataccen ruwa.” A ido jimla ce mai kyau. Amma ɗalibanmu da suka karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala sun san cewa “ruwa mai tsarki” magana ce da take da ma'ana a kulle a wurinmu. Shi ne ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canza da wani abu da yake rabuwa da shi ba. Kuma malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun yi bayanin cewa idan canjin ya zo daga mazaunin ruwan ne, kamar laka ko gishirin ƙasa ko gansakuka, ba ya fitar da shi daga tsarki. To ku duba abin da wannan yake haifarwa. Ruwan hafir na damina, wanda baƙar ƙasar Gadarif ta rina shi, mai tsarki ne, alwala ta inganta da shi, sallah ta yi. Ruwan randa da yake garau, ba launi ba wari, shi ma mai tsarki ne ko da hannun mai ɗauke da kwalara ya shiga cikinsa da safe. Hukuncin tsarki yana rataye ne a kan abin da ido da harshe da hanci suke riska, domin Allah bai ɗora wa bawa abin da ba zai iya gani ba. Abin da yake kawo kwalara kuwa ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jin sa. Mafi yawan waɗanda cutar ta shiga jikinsu ma ba sa nuna alama, suna yawo da ƙafafunsu, amma tana fita a bayan gidansu har kwanaki. Saboda haka dattijon da aka karanta wa layin nan zai gyaɗa kai ya ce, ai mu dama ruwanmu mai tsarki ne, da shi muke alwala. Ya yi gaskiya a fiƙihu, takardar kuma ta rasa shi tun a layinta na farko.

“Gurɓatacce” ta ƙara dagula abin. A bakin 'yan jarida gurɓataccen ruwa shi ne mai ɗauke da cuta. A bakin mutanen gida kuwa, ruwa ya gurɓace idan an dama shi, laka ta taso, kamar bayan shanu sun shiga tafki. Kishiyarsa shi ne ruwa garau. Wanda aka ce ya guji gurɓataccen ruwa zai leƙa randa, ya ga har ƙasanta yana hangowa, hankalinsa ya kwanta. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne can ƙasa, a wurin da ake maganar yawan maganin da za a saka, mai fassarar ya sake kawo wannan kalma, amma yanzu da ma'anarta ta gida: “Idan ruwan gurɓatacce ne a ninka.” Kalma ɗaya, ma'ana biyu, a falle ɗaya. Mai karatun da ya ɗauki ta farko zai ninka kullum, ruwansa ya yi ɗaci, yara su ƙi sha. Wanda ya ɗauki ta biyu zai ga ruwa garau ba ya buƙatar komai.

Da mu ne, da mun bar kalmomin nan biyu gaba ɗaya, mun faɗi maganar a buɗe: “Ruwa yana iya zama garau, mai tsarki, a yi alwala da shi, amma yana ɗauke da cutar da ido ba ya gani. Ruwan sha sai an saka masa kulor ko an tafasa shi.” Ya fi na asali tsawo, mun sani. Amma ya shiga ta ƙofar da mutanenmu suka sani, ya tabbatar musu da abin da suka karanta a wurin malam, sannan ya ƙara musu abin da ba su sani ba. A wurin ninkawa kuma sai a ce “idan ruwan yana da laka, bai yi garau ba”.

Akwai wata tambaya da takardar ba ta hango ba, mu kuwa mun ji ta a bakin mutane tun ranar da aka raba ta: ruwan da aka saka wa kulor ƙanshinsa ya canza, shin alwala ta inganta da shi? Tambaya ce ta mai ilimi, daga ƙa'idar da muka ambata ta fito. Fatawar da malaman wannan zamani suka tafi a kanta ita ce ɗan abin da ake sakawa don gyara ruwa ba ya raba shi da sunansa na ruwa, kuma da irin wannan ruwan famfon ne Musulmi suke alwala a manyan biranen duniya. Wanda ya rubuta takardar asali ba zai san da wannan damuwa ba. Mai fassara Bahaushe Musulmi shi ne ya kamata ya sani, ya koma wurin masu takardar ya ce a ba shi layi ɗaya, a sa liman ya duba shi. Rashin wannan layi yana iya sa gida ya ajiye ƙwayar a kan taga har ta lalace, saboda tsoron Allah ba don taurin kai ba.

Sai batun ƙwaya, kuma a nan ne haɗarin ya fi kusa. Takardar ta ce: “Wannan ƙwayar magani tana kashe ƙwayoyin cuta. A yi amfani da ƙwaya ɗaya a lita 20.” Ku karanta shi da ƙarfi ku ji. Ƙwaya tana kashe ƙwayoyi. A Hausa ƙwayar magani abu ne da ake haɗiya da ruwa, kuma ita wannan fara ce, ƙarama, a cikin takardar azurfa irin ta maganin ciwon kai. An kawo ta lokacin annoba, daga hannun ma'aikatan lafiya, an ce magani ce. Wata uwa a makarantar mata, da aka karanta musu layin, abin da ta fara tambaya shi ne, “Malama, yaro guda nawa zai sha?” Ba wautarta ba ce, abin da jimlar ta faɗa mata ke nan. “A yi amfani da” ba ya nuna ko a baki ko a jarka. Babu inda takardar ta ce kada a haɗiye, babu inda ta ce a ɓoye wa yara. Mu a nan kowa ya san kulor da sunansa, haka ake faɗa a kasuwa da asibiti, to me ya hana a ce “kulor na ruwa”, a bar kalmar magani? Sannan a fara da hani kafin umarni: “Ba a haɗiye shi. Ba na ciwo ba ne. A cikin jarka ake jefa shi.”

“Lita 20” kuma tana da matsaloli har biyu. Na farko lambar kanta. Yaranmu da suka yi makaranta a Sudan da lambobin Larabci suka tashi, inda sifili ɗigo ne, biyar kuma da'ira. Da'irar da boko yake kira sifili, a idonsu biyar ce. Wanda ya ɗan san wannan ya ɗan san wancan yana iya karanta ashirin a matsayin ashirin da biyar. A takarda irin wannan a rubuta “ashirin” da haruffa, a sa lambar Larabci a gefe. Na biyu, wace mace ce take auna ruwanta da lita? Mai karo da jakinsa yana sayar mana da joz ko da barmil, mu juye a jarka ko randa ko ganga. Ma'aunin gida ke nan, da shi ya kamata a yi magana.

Mu bi lissafin sau ɗaya don ɗalibai su gane dalilin da ya sa ba a wasa da shi. Ƙwayar da aka zana a takardar ita ce mai lamba 67 a jikin takardarta, wato miligiram 67. Idan ta narke tana sakin kulor kamar miligiram 40. A jarka mai lita 20, kowace lita ta sami miligiram 2. Wani kaso zai ƙare wajen cinye dattin da ke cikin ruwan da kashe cutar, abin da ake so shi ne bayan rabin sa'a a sami saura, kamar rabin miligiram a lita a lokacin annoba. Wannan saura shi ne mai gadin ruwan, shi zai tare abin da ya faɗa daga baya. Yanzu ku ɗauki wannan ƙwaya ɗaya ku jefa a ganga mai lita 200, domin takarda ta ce “ƙwaya ɗaya” kuma lita ba ta da ma'ana a wurin mai jefawa. Kowace lita za ta sami kashi ɗaya cikin goma na abin da ya kamata, dattin gangar ya shanye shi nan take, mai gida kuma ya kwanta da yaƙinin ya gyara ruwansa. Wannan ya fi rashin sakawa muni, don wanda bai saka ba wataƙila ya tafasa. Ganga cike goma take buƙata. A ɗaya gefen, wanda ya jefa ta a ƙaramar jarka mai lita 5 ya ninka ƙarfin sau huɗu, ruwan zai yi warin da ba mai iya sha, daga ranar kuma gidan sun yanke hukunci a kan kulor. Jarkar nan ta galan huɗu da muka saba da ita, mai kusan lita 18, ba ta da matsala, ƙwaya ɗaya ta yi mata daidai.

Kuma ba iri ɗaya ake rabawa ba. Akwai mai lamba 33, rabin waccan ce, biyu ake sakawa inda ake saka ɗaya. Takardar ba ta ce a duba lamba ba sam. Ga yadda muke ganin sashen ya kamata ya fito:

“Ku duba lambar da ke jikin takardar kulor. Idan sittin da bakwai ce, guda ɗaya a babbar jarka cike. Idan talatin da uku ce, guda biyu. Idan ruwan yana da laka, ku bar shi ya kwanta, ku tace da ƙyalle mai tsabta a wata jarkar, sannan ku saka ninki biyu. Ku rufe, ku girgiza, ku jira rabin sa'a kafin kowa ya sha.”

Babu abin da muka ƙara na kanmu a ma'auni, kuma ba hakkin mai fassara ba ne ya taɓa shi. Adadin amana ne, na likitoci ne. Abin da yake hannun mai fassara shi ne ya sa adadin ya isa jarka yadda aka faɗe shi. Idan ma'aikatan lafiya suka zo da wata lamba daban ko wani umarni daban saboda yanayin annoba, nasu ake bi. Gidan mutum takwas da yake shan jarka biyu a yini, sha da girki, zai ci guda biyu kullum da rani, guda huɗu idan damina ta kawo laka. Da an rubuta wannan misali ɗaya, da mace ta san ko abin da aka ba ta zai kai ta mako ko wata, ba ta shiga tsimi tana raba ƙwaya biyu ba.

Dalilin tacewa kafin sakawa shi ma an bar shi a duhu. Laka tana cinye kulor, kuma cuta tana fakewa a cikin ƙurar da ke yawo a ruwan. Iyayenmu a bakin kogi sun daɗe suna kwantar da laka da alif ko da dakakken irin zogale, wanda Larabawan Sudan suke kiran bishiyarsa da sunan mai tace ruwa saboda wannan aiki. Dabara ce mai kyau, a ci gaba da ita. Sai dai ruwan da ya kwanta ya yi garau bai gama ba, an dai share wa kulor hanya. Ga inda kalmar “tace” take yaudara: a Hausa tataccen abu shi ne wanda aka gama gyarawa. Dole a biyo ta da “sannan”, a nuna saura mataki.

Jiran rabin sa'a takardar ta rubuta shi “minti 30”, da waccan da'irar kuma. Gidaje da yawa akwai waya, za a iya dubawa. Inda babu, muna da agogon da ba ya tsayawa: wanda ya saka bayan sallame Magariba, in aka kira Isha ruwansa ya wuce rabin sa'a. Ƙarin jira ba ya cutarwa, gaggawa ce take cutarwa. Ta yaya mutum zai gane ya yi daidai? Bayan jiran, ya buɗe ya shinshina. Ɗan ƙanshin kulor mara ƙarfi alama ce akwai saura. Idan babu ko kaɗan, ko ruwan ya fi ƙarfin ƙwayar ko jarkar ba ta da tsabta. Ma'aikatan lafiya suna da abin gwaji da yake rina ruwa ja-ja gwargwadon saurar, kuma ya halatta ku ce su gwada muku idan sun shigo unguwa. Takardar ba ta gaya wa mutane cewa ƙanshin nan alheri ne ba, alhali shi ne abin da ya fi korar su.

Yanzu mu zo kan ajiya, wadda ita ce sunan takardar. An rubuta: “A adana ruwa a cikin mazubi mai ƙaramin baki kuma mai murfi.” Mazubi kalmar ƙamus ce. Ba wanda yake cewa miƙo mini mazubi. Jarka ake nufi, a ce jarka. Hikimar ita ce hannu da kofi ba sa shiga bakin jarka, sai dai a tsiyaya. Amma takardar ta yi kamar ba ta san da randa ba, zir ɗin da yake tsaye a inuwar kowane gida a Gadarif. Wa zai sha ruwan roba a watan Afrilu, zafi ya haura arba'in, ga randa tana raɓa a gefe? Mutane ba za su bar ta ba, kuma takardar da ta yi shiru a kanta ta bar su da al'adarsu yadda take: moɗa ɗaya a kan murfi ko a ƙasa, kowa ya ɗauka ya tsoma har wuyan hannu, ya kafa baki, ya mayar da ragowar. Ruwan da ya fito lafiya daga famfon da aka jawo daga Shuwak yana iya lalacewa a nan, taku uku daga bakin mai sha.

Abin da za a iya faɗa, kuma ma'aikatan lafiya ba za su ƙi shi ba, shi ne a gyara ruwan a jarka inda ma'auni ya tabbata, a jira, sannan a juye na yini ɗaya a randa wankakkiya. A ɗiba da ludayi mai dogon hannu wanda ake rataye shi a ƙusa, a zuba a kofi, ba a kai ludayin baki. Abin da ya kwana ya wuce yini a mai da shi na wanki, domin saurar kulor tana gushewa, a randa ma ta fi saurin gushewa. Wannan ya shafi sabil ɗin da muke ajiyewa a ƙofar masallaci don masu wucewa. Sadaka ce mai lada, amma koz ɗaya ne a ɗaure da igiya, bakin mutum ɗari yake taɓawa ya koma ciki. Kwamitin masallaci ya duba wannan kafin damina.

Abin da ya ba mu takaici a sashen nan shi ne mai fassarar yana da taska a hannunsa bai buɗe ba. Umarnin rufe ƙwarya da ɗaure bakin salka ya zo a hadisin Jabir a cikin Sahihu Muslim. Hanin wanda ya tashi daga barci ya tsoma hannunsa a abin ruwa kafin ya wanke shi ya zo daga Abu Huraira, yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. Hanin yin numfashi a cikin abin sha shi ma sananne ne. Ba muna cewa a cika takardar lafiya da wa'azi ba, kuma ba ma son a jingina wa hadisi abin da bai faɗa ba, hadisi bai yi maganar kulor ba. Amma “ku rufe randa, kada ku tsoma hannu, kamar yadda Sunna ta koyar” gajeren layi ne, kuma yana mayar da umarnin baƙo ya zama abin gida. Rufewar tana da riba ta biyu da mutanen Gadarif suka biya tsadarta a daminar 2023, lokacin zazzaɓin denge. Sauron da yake kawo shi a ruwa garau na cikin gida yake ƙwai, a jikin bangon ganga da randa, ƙwan kuma yana jure bushewa watanni. Kulor na sha ba ya kashe tsutsarsa. Shi ya sa “a riƙa wankewa a kai a kai” da takardar ta ce bai isa ba. A kai a kai ɗin wani wata guda ne. A ce duk ranar Juma'a, a juye, a goge cikin da soso, a ɗauraye da ruwan da aka gyara. Ɗauraya ba gugewa ba ta cire ƙwan.

Za ku lura duk gyaran da muka kawo da “ku” muka yi shi. Takardar da “a” ta tafi daga sama har ƙasa: a adana, a wanke, a yi amfani. Hausar sanarwa ce, aikin kowa wanda ba na kowa ba. Masu ɗibar ruwa da masu wanke randa mata ne da 'yan mata da almajirai, su ake yi wa magana, to a fuskance su.

Saura batun rubutun kansa. Kakanninmu sun zo ƙasar nan a kan hanyar Hajji, wasu kuma a hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Ba su zo da boko ba, kuma makarantun Sudan ba su koyar da Hausar boko ba. Ku da kuke karanta wannan mujalla kun iya, amma ku ƙirga mutanen gidanku. Wanda ya yi makarantar gwamnati zai juya ya karanta Larabcin. Wanda allo kaɗai ya yi, ajami ne zai fi masa sauƙi. Mafi yawa kuwa ji za su yi, wani ya karanta musu. Ke nan takardar nan ta kunne ce, kuma da kunne ya kamata a gwada ta kafin a kai ta maɗaba'a. Kalmomi irin su “sinadari” da “ingantacce” da “kariya daga kamuwa” suna wucewa a ido, a kunnen tsohuwar da Hausarta ta cakuɗa da Larabcin Sudan shekara ɗari kuwa sai su zama hayaniya.

Gwajin ba shi da wuya, kuma ɗaliban makarantarmu za su iya yin sa da gyararren sashen da muka kawo a sama. Kada ku karanta wa Inna ko Goggo sannan ku ce, kin gane? Kunya da kara za su sa ta ce ta gane. Ku ajiye mata babbar jarka da ƙarama, da ƙyalle, da kulor mai lamba 33 da mai 67, da ruwa mai laka a bokiti. Ku karanta sau ɗaya a hankali, ku ce, Inna, yi mana yadda takardar ta ce. Sannan ku yi shiru ku kalli hannunta. Idan ta ɗauki ƙaramar jarka, kalmar “babbar” ba ta fito ba, a ja ta gaba. Idan ta jefa kafin ta tace, jerin jimlolin ne da gyara. Idan ta tsiyaya ta miƙa wa jikanta nan take, rabin sa'ar ya ɓace a ƙarshen dogon layi, sai a ba shi layinsa shi kaɗai. Ku rubuta inda hannun ya kauce da kalmar da ita ta yi amfani da ita a madadin tamu, ku kawo wa kwamitin ilimi bayan darasin Asabar. Da su za mu haɗa gyaran da za mu miƙa wa masu takardar, da roƙon bugu na biyu ya fito da ajami a gefen boko.

Wallahu a'alam.